Ummi, Ki Ce Mata A'a, Amma Kada Ki Ɗauke Ƙafa Daga Gidanta

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan ƙalau muke, Abbanku ma ƙafar ta yi sauƙi har yana fita masallaci da kansa. Na saurari saƙonninki na murya duka, da wanda kika turo min na aminiyarki, da hotunan takardar da ta ba ki. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, don ki karanta a tsanake ki kuma sake karantawa kafin ku haɗu.

Amsata a gajarce ita ce kada ki shiga wannan harkar sayar da shayi da jawo mutane da aminiyarki take gayyatarki. Na san ke ma zuciyarki ta riga ta faɗa miki haka, abin da ya hana ki barci shi ne yadda za ki kalli idon yarinyar da kuka tashi tare tun kuna firamare, wadda ta kwana a kanki a asibiti ranar haihuwarki ta fari, ki ce mata ba za ki yi ba. A kan wannan zan fi tsayawa. Sai dai a'ar da ba ta san dalilinta ba, ba ta jure roƙo. Don haka bari mu fara da lissafin, da alƙaluman da ita kanta ta rubuta miki.

Ta ce kuɗin shiga naira 82,000 ne: 10,000 na rajista, 72,000 kuma na kwalin shayi takwas, kowanne a kan 9,000 farashin 'yan ciki. Za ki sayar a kan 12,000, ribar 3,000 ke nan a kwali. Sannan a can ƙasan takardar, inda rubutun ya ƙanƙance, an ce duk wata sai kin sayi kwali uku, wato 27,000, in ba haka ba makinki ya zube, kamashonki na watan ya wuce ki. A cikin wata 12 wannan ya kama 324,000. Ki haɗa da kuɗin shiga, 406,000 sun fita daga hannunki, kwali 44 sun shigo ɗakinki.

Mu ɗauka Allah ya ba ki kasuwa kin sayar da su kaf, babu bashi, babu wanda ya lalace. Kin karɓi 528,000, ribar 122,000. Yanzu ki cire abin da ba sa rubutawa a allo: data, kuɗin keke daga Yelwa zuwa cikin gari kai wa mutane kaya, tikitin taron otal, lemon da za ki saya wa wadda kike zawarcin ta shiga. Na sa miki 6,000 a wata, kuma na rage. A shekara 72,000. Abin da ya rage 50,000 ne, wato 'yar 4,000 da ɗoriya a wata. Wannan shi ne in komai ya tafi daidai.

Ba ya tafiya daidai kuwa, domin a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kwalin shayi ɗaya na 12,000 ya haura kashi ɗaya cikin shida na albashin mutum. Wata na farko dangi za su saya don kara. Wata na biyu za su ce na farkon bai ƙare ba. In rabi kika sayar, kwali 22, kin karɓi 264,000 a kan 478,000 da kika kashe. Ramin 214,000 ne. Da me za a cike shi? Da 8,000 ɗin da ake ba ki a kan duk kan da kika kawo. Sai kin kawo mutum 27 kafin ki dawo inda kika tashi, kuma waɗannan 27 ɗin sun zuba sama da naira miliyan biyu, kowace ta fara haƙa irin ramin da kike ƙoƙarin fita daga ciki. Su wane ne 27 ɗin? Ƙannenki ne, da matan unguwarku, da abokan aikinki, da dangin mijinki.

A nan ne asalin maganar take. Kuɗin da ke yawo a irin wannan harka, mafi yawansa ba daga mai shan shayi yake fitowa ba, daga masu shiga yake fitowa. Na riƙe littafin ƙungiyar adashin ma'aikata shekaru masu yawa, kuma a adashi in mu goma ne, kowa ta san ranar kwasarta, abin da ta zuba shi za ta ɗauka, ta ƙarshe ba ta fi ta farko asara ba. A tsarin da aka zana miki kuwa, na ƙafar hagu da ƙafar dama, kowa zai kawo biyu, biyun su kawo huɗu, huɗun su kawo takwas. Ki ƙirga da kanki: 1, 2, 4, 8, sun zama 15, layin da ke ƙarƙashinsu kuma 16 ne. Ko a wane mataki aka tsaya, mutanen layin ƙarshe, waɗanda ba su da kowa a ƙasansu, sun fi duk na samansu yawa in an haɗa su. Ba lalaci ne ya sa ba su ci ba, tsarin ne ba ya tsayuwa sai da su. Masu cewa kowa ya kawo biyar kuma, a mataki na 12 suna buƙatar mutum sama da miliyan 244, fiye da mutanen Najeriya da jariranta.

Za ta ce miki wannan ba MMM ba ne, su suna da kaya. Gaskiyarta ta wani ɓangaren, kuma kada ki yi mata gardama a kai. MMM da ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016 ba ta sayar da ko allura, alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata kawai ta yi. Amma samun kaya ba ya wanke tsari. Ko a Amurka, a 2016 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200, ta kuma tilasta masa ya sake tsarin biyansa ya dogara da kayan da aka sayar wa masu saye na gaskiya. Abin dubawa ke nan a kowane kamfani: in aka daina kawo sababbin mutane yau, cinikin kayan kaɗai zai riƙe mutanen ciki? Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa. Ki rubuta sunan shayin a kasuwannin intanet ko ki leƙa guruf-guruf na saye da sayarwa. In kika ga ana karyar da shi ƙasa da 9,000, to 'yan cikin ne suke zubar da wanda ya taru musu.

Takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da ta turo miki kuma shaida ce cewa an yi wa suna rajista, kamar yadda mai shagon ɗinki zai yi. Ba ta ce hukuma ta duba lissafinsu ta gamsu ba. Lambar NAFDAC ita ma ke kin fi ni sani. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba ba ya cutarwa, ba a tabbatar yana warkar da abin da ake cewa yana warkarwa ba, kuma akan rubuta hakan a jikin kwalin. Na tsaya a nan ne don na lura da wata magana a saƙonta, inda ta ce ke da kike ma'aikaciyar jinya ai kasuwa a hannunki take. Ummi, farar rigarki ake so. Tsohuwa mai ciwon suga in ta ji daga bakin nas cewa shayi yana sauke suga, ajiye ƙwayoyinta za ta yi. Wannan kaɗai ya ishe ki dalili ko da lissafin ya yi kyau.

Ta fuskar addini ba zan yi miki fatawa ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki kuma kai masa takardar gaba ɗaya har da ƙananan rubutun. Abin da na sani shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, kuma kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta irin wannan tsari tun 1425 bayan hijira, bisa hujjar cewa kamashon ake nufi, kayan sutura ce kawai. Masu harkar sukan ce ai dillanci ne. Dillalin Tudun Hatsi ba ya biyan ko sisi kafin a bar shi ya yi dillanci, ba a kuma tilasta masa sayen buhu uku duk wata. La'adarsa a kan buhun da aka sayar take, ba a kan yawan dillalan da ya jawo ba.

To, duk wannan na rubuta miki ne don ke. Ba don ki je ki juye mata shi a ka ba.

Ki fara fahimtar inda take tsaye. Yarinyar nan ba macuciya ba ce, na san ta tun tana yawo da ɗan kamfai a tsakar gidan nan. Ta yarda da abin da take faɗa, kuma ta riga ta zuba kuɗinta, wataƙila har da na aro. A irin tsarin ƙafa biyun nan yawanci da ƙafar da ta fi rauni ake lissafa kamasho, don haka in hagunta ta cika dama babu kowa, ba ta cin komai. Shi ya sa kike ganin kira uku a rana da ƙarshen wata ya matso, shi ya sa kuma “garaɓasar” kullum jibi take ƙarewa. A samanta akwai wadda ita ma take matsa mata. Abin da ake fara sa sabon shiga shi ne ya rubuta sunan duk wanda ya sani, ya fara da na kusa, kuma sunanki ne na farko a takardarta don ta fi yarda da ke. Sannan an riga an gaya mata cewa za ta haɗu da masu kashe mata gwiwa, 'yan baƙin ciki, masu tunanin talauci, kuma daga cikin na jikinta za su fito. Kin ga ke nan in kika zo mata da wa'azi da alƙaluma, kin zauna daidai a kujerar da aka tanadar miki, kin gaskata maganar uwar ɗakinta. Daga ranar ba za ta ƙara jin komai daga bakinki ba.

Saboda haka ki je gidanta da ƙafarki. Kada ki yi ta saƙo, rubutu ba ya ɗaukar murmushi, kuma za ta iya tura shi sama a tsara mata amsa. Kada ki yarda a yi a wurin taron nasu, ko a gaban wadda ta sa ta, domin can ba hira ake yi ba, an san wanda zai tafa da wanda zai tashi ya ba da shaidar mota. In ta ce ki zo kawai ki saurara ba sai kin shiga ba, ki ce kin hutar da su kujera. Ki zaɓi lokacin da mijinta ba ya nan, yara suna makaranta. Ki riƙa mata wani abu kamar yadda kika saba, ku gaisa, ku ci abinci, sannan ki ɗauko maganar da kanki kafin ta ɗauko.

Abin da za ki faɗa gajere ne. Kamar haka: “Na duba takardar nan sosai, na kuma gode da ni kika fara tunawa. Amma ba zan shiga ba, ba yanzu ba, ba nan gaba ba. Ba na son sana'ar da sai na jawo mutane, kuma aikina bai ba ni damar tallar magani ba. Na gwammace in faɗa miki gaskiya yau da in riƙa yi miki yawo da hankali.” Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi nauyi, za ki ji kamar ki cike shi da ban haƙuri da ƙarin bayani. Kada ki cike. Duk dalilin da kika ƙara, kin ba ta abin kamawa.

Na san halinki, kin gado kunyar gidan nan, kuma bakinki zai so ya kauce zuwa ɗaya daga cikin uzurorin da muka saba. Bari in gaya miki inda kowanne yake kaiwa, don duk an koya musu amsarsa.

In kika ce ba ki da kuɗi, za ta ce ai shi ya sa ya kamata ki shiga. Za ta tuna miki da kwasar adashinki, ko ta kalli ɗan kunnenki, ko kuma, wanda ya fi duka wuya, ta ce ita za ta biya miki ki mayar a hankali. Ranar kin zama mai bashi a kan abin da ba ki so. In kika ce ba ki da lokaci, za ta ce awa ɗaya a rana ce, a waya ma ake yi. In kika ce ba ki iya talla ba, za ta ce ba talla ba ce, ki kawo mutanen kawai ita za ta yi musu bayani. In kika ce sai kin yi shawara ko istihara, kin ba ta ranar dawowa, kuma ba kyau a fake da istihara a kan abin da an riga an yanke. In kuma kika ce maigida ne ya hana, kin yi abu biyu marasa kyau. Kin sa ta riƙe shi a zuciya a kan laifin da bai yi ba, sannan kin buɗe ƙofar a turo masa wani namiji mai babbar riga ya same shi a majalisa. Ki gaya masa komai, ya san matsayinki, amma a'ar ta fito a matsayin taki.

Za ta sake tambaya, wannan babu makawa. Ki maimaita jimlar farko da murya mai taushi, kada ki sabunta ta. “Na faɗa miki, ƙawata, ba zan yi ba. Ina labarin Hajiya, jikin nata?” Sau biyu, sau uku, za ta gane babu ƙofa. In ta ce ashe ba ki yarda da ita ba, ki ce da ita kin yarda har ki bar mata 'ya'yanki, tsarin ne ba ki yarda da shi ba. In ta ce ba kya son ci gabanta, kada ki hau. Ki ce, “Kin san ba haka ba ne,” ki bar shi nan. Ba ita ce take magana a lokacin ba, tsoron ƙarshen wata ne.

Bayan babbar a'a akwai ƙananan buƙatu da za su biyo, kuma a nan mutane suka fi zamewa, don kowacce tana kama da abin da ba a hana aminiya.

Ta farko, ki ba ta sunanki kawai. Za ta ce ita za ta biya komai, ke dai ki kawo lambar NIN da lambar asusunki ta cike ƙafarta ta dama. Kada ki bayar. Duk abin da aka yi da sunan, ke aka sani, kuma ita ma cutar da ita kika yi, don yanzu kwali shida za ta riƙa saye duk wata maimakon uku. Ta biyu, lambobin wayar abokan aikinki da na dangin mijinki, ko ki sa ta a guruf ɗinku na asibiti. Lambar mutum amana ce, in ta kira su da sunanki za ta fara. Ta uku, ki ɗora mata hoton kayan a sitatus ɗinki na WhatsApp. Wanda ya gani a wurinki ya ɗauka kin gwada kin gamsu. Ta huɗu, ta zo walima ko suna a gidanki da jakar kaya. Ki gaya mata tun kafin ranar, cikin raha, cewa ita kike gayyata ban da jakar.

Sai maganar saye don tausayi, wadda na san ita ce a ranki, don kin ce ko kwali ɗaya ne ki saya ki huta. Ba za ki huta ba. Wanda ya saya sau ɗaya ya shiga littafin kwastomomi, wata mai zuwa za a tuna masa, bayan wata uku a ce tunda kina sha ai gara ki yi rajista ki samu a farashin 'yan ciki. Kuma 12,000 ɗinki, 3,000 ce kawai tata, sauran sama za su tafi. Mafi muni, kin ba ta shaidar ƙarya cewa kayan suna da kasuwa, kin ƙara mata wata guda a ciki. Ma'aunin shi ne, da a shagon wanda ba ki sani ba kika ga kwalin a kan wannan kuɗin, za ki saya? In a'a, to a wurinta ma a'a. Haka in ta ba ki kyauta ki gwada, ki mayar cikin ladabi, kin san abin da aka ce game da wanda ya ci ladan kuturu. In taimakonta kike so, ki ɗinka wa 'yarta kayan makaranta, ko ki kai mata kwanon shinkafa ki ce tsaraba ce. Rance kuma, muddin cikin harkar zai tafi, babu.

Wannan duka rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne abin da za ki yi a makonnin da za su biyo baya, kuma ya fi wuya domin ba a gama shi a zama ɗaya. Za ta ɗan ja jiki. Wataƙila ta daina ɗaukar wayarki, wataƙila ki ga habaici a sitatus game da masoyan ƙarya. Kada ki rama, kada ki tambaye ta da wa take. Bayan kwana biyu ki kira ta a kan wata magana dabam, ɗinkin Sallah ko jikin mahaifiyarta. Addini bai ba mu fiye da kwana uku na ƙaurace wa juna ba, kuma an ce mafi alherin biyun shi ne wanda ya fara sallama, to ki riƙa zama mai farawa. Duk abin da kuka saba ki ci gaba da shi a kan lokacinsa: rakiyar Kasuwar Wunti, zuwa kitso tare, barka da jaje. Abin da ake nema shi ne ta ga da idonta cewa ƙin shigarki bai rage komai ba, domin an gaya mata zai rage.

Kuma ki kama bakinki a bayan idonta. Ƙawayenku za su kawo miki gulmarta, wasu har da dariya, don su ma ta bi su. Kada ki sa baki, magana ba ta kwana a Bauchi. Amma in ƙanwarki ko wata ta tambaye ki kai tsaye ko ta shiga, ki gaya mata gaskiya, ki nuna mata lissafin, ba tare da kin zagi kowa ba. Rufa wa aminiya asiri bai kai ga barin wata ta faɗa rami ba.

Za ki ce to shi ke nan, sai ki zuba mata ido tana nitsewa? A'a. Kina da damar magana sau ɗaya, ki adana ta sai ranar da ta zo da kanta tana ƙorafin kasuwa, ko ta tambaye ki ra'ayinki da gaske. Ranar ma tambaya za ki yi. Nawa kika zuba tun farko zuwa yau, har da kuɗin mota da data? Nawa ya dawo? Cikin masu sayen kayanki, mutum nawa ne ba 'yan ciki ba kuma suka dawo karo na biyu da kansu? In kika fasa, kamfanin yana karɓar kayan da suka rage ya mayar da kuɗi, kuma a rubuce yake? Sai ki ba ta shawara guda: ta sayi ƙaramin littafi, shafin hagu abin da ya fita, shafin dama abin da ya shigo, na wata uku. A wurin taronsu alat ɗin shigowa kawai ake nunawa, ba mai ɗaga rasit ɗin abin da ya kashe. Abin da ta gano da biron hannunta ba wanda zai ce mata hassada ce.

Akwai wata maƙwabciyarmu a nan, ba zan kama suna ba, da na shiga duba ta tana zazzaɓi. Na sunkuya zan jawo mata silifas daga ƙarƙashin gado sai hannuna ya ci karo da katan. Katan-katan ne jere har bango, na wani garin kunu na wani kamfani, ƙura ta rufe su, na gefen da na iya karantawa saura wata biyu ya lalace. Ta ga na gani. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, sai ta ja zanin gadon ta sauke. Duk unguwa an san ta da hotunan taro a otal da kambun girma, mijinta ma bai san abin da ke ƙarƙashin gadon da yake kwana a kai ba. Abin da ya riƙe ta a ciki har ta kai haka, kunyar waɗanda ta yi faɗa da su a kan harkar ce, don ba ta da wanda za ta je wa ta ce ta gaji. Irin alamun da za ki sa wa ido ke nan a wurin aminiyarki: kaya suna taruwa, sarƙar da kika saba gani a wuyanta ta ɓace, ta fara karɓar bashin manhajojin waya, ko tana ɓoye wa mijinta lissafi. In kika ga biyu daga ciki, kada ki jira ta tambaya, ki same ta ku kaɗai ki ce kin damu.

Ranar da ta ce za ta fita, kalmar “ai na faɗa miki” kada ta fito daga bakinki, ko da wasa. Ki taimaka mata da abin da hannu yake iya yi. Ta dakatar da sayen wata-wata nan take, ko da za a ce makinta zai zube. Ta nemi mayar da kayan da ba a buɗe ba in dokarsu ta yarda, ta yi a rubuce, ta ajiye shaida. Wanda ba a karɓa ba ta karyar da shi tun kafin ya lalace, gara asarar 3,000 a kwali da asarar 9,000. Sannan ku jera basussukan, a fara da mai ruwa. Waɗanda ta jawo kuma ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu ta fita da dalilinta, in tana jin nauyi ki raka ta.

Mahaifiyarta ba ta san komai ba tukuna, mun haɗu a gidan biki a Pantami ban ga alama ba, kuma daga bakina ba za ta ji ba. Ke ma kada ki kai maganar can sai in abin ya kai ga sayar da kadara.

In kin je kun yi maganar ki kira ni da daddare in ji yadda kuka ƙare. Na ba direban da muka saba da shi garin kuka da daddawa da man shanu, za su iso tasha ranar Alhamis, rabin man na aminiyar taki ne, ki kai mata da hannunki. Ki gaishe da maigidan da kyau, ki shafa min kan yaran. Abbanku da ƙannenki suna gaishe ki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.